Rigarsa Ko Rigansa? Jinsin Wa Ake Dubawa?

A tambayi ɗalibi me ya sa ake cewa "rigar Audu", sau da yawa sai ya tsaya yana mamaki, tunda Audu namiji ne. Amsar ita ce, ɗan harafin nan da ke liƙe a ƙarshen kalma, wanda malaman nahawu ke kira mahaɗi, ba ruwansa da mai abu. Abin da aka mallaka yake dubawa. Riga mace ce, sai ta ɗauki -r: rigar Audu, rigar Binta. Takalmi namiji ne, sai ya ɗauki -n: takalmin Audu, takalmin Binta.

Doguwar mallaka ta fi nuna wannan a fili, domin jinsi biyu take ɗauke da su a kalma guda. Ku duba "tasa". Gaɓar farko, "ta", ta riga ce. Ta biyun, "sa", ita ke nuna Audu. Idan takalmin Binta ake nufi, sai a ce "nata": "na" na takalmi, "ta" ta Binta. Shi ya sa yaro zai ce "jakar nan tawa ce", yarinya kuma ta ce "littafin nan nawa ne", kuma duk sun yi daidai.

To, yaya ake gane jinsin kalma? An saba cewa mai ƙarewa da "a" mace ce. Galibi haka ne, amma kada ku dogara da shi ido rufe. Gida, ruwa, suna da nama duk maza ne, don haka gidan sarki ake cewa, da ruwan sama. Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne a sa wa kalmar "ne" ko "ce". Gida ne, mota ce. Kunne ba ya karɓar "gida ce".

Akwai kuma tarko ta ɗaya ɓangaren. Gwamnati mace ce, amma "gwamnatin Kano" muke cewa, saboda -r ba ya zama sai a kan kalmar mace mai ƙarewa da "a". Jinsin bai ɓace ba, da an koma doguwar mallaka zai fito: gwamnatin nan tamu ce.

Shi kuwa jam'i, kullum -n yake ɗauka: motarmu, amma motocinmu. A nan harafi ɗaya kan sauya labari. "Matar Audu" mace ɗaya ce, "matan Audu" kuwa an yi kishiya ke nan.

Wanda ya tashi a Zariya ko Bauchi zai iya jin "motan Audu" daidai ne a kunnensa. Karin harshe ne, ba kuskure ba. A Kano ma "rigassa" ake yawan furtawa. Sai dai a takardar jarrabawa Daidaitacciyar Hausa ake so, wato "motar Audu" da "rigarsa", a kuma haɗe gajeriyar mallakar da kalmarta.