Ko Kun Sani? Shingen Wuta Mai Ajiye Tarihi

Matacin fakiti na da ba ya tuna komai. Adireshi da lambar tasha kawai yake dubawa. Idan kwamfutarka ta nemi shafi ta tasha 443, amsa za ta dawo ne ta wata babbar lambar tasha da aka zaɓa nan take, don haka dole a bar dubban tashoshi a buɗe. Shingen wuta mai bin diddigin haɗi kuwa yana rubuta kowace hira a jadawali, sai ya shigar da amsar da ta dace da ita kaɗai. A Linux, sunan wannan aiki `conntrack`. Amma fa jadawalin yana da iyaka: in ya cika, sababbin haɗi zubar da su ake yi.