Kuskuren Da Mai Kwafi Ba Ya Gogewa

Mai binciken da ya zauna da tsohuwar takardar ajami a Gidan Arewa, Kaduna, yakan ci karo da kalmar da ɗigonta ya ɓace ko harafinta ya karkace. Hannunsa zai yi ƙaiƙayin gyarawa, amma sai ya kwafe ta yadda take.

Dalilinsa mai ƙarfi ne. A ce kwafi uku na waƙa ɗaya suna gabansa, biyu sun yi tuntuɓe iri ɗaya a baiti na bakwai. Wannan alama ce cewa ɗaya daga ɗaya aka juyo shi, ko kuwa tushensu guda. Da zarar an gyara a ɓoye, sawun ya shafe ke nan.

Wani abin ma ba kuskure ba ne. Basakkwacen da ya rubuta “hwari” daidai ya rubuta. Mai mayar da ita “fari” ya ɓatar da garin marubucin.

Malaman hadisi sun daɗe da gano haka. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 1245, ya zaɓi a bar kalmar a gurbinta, a ɗora mata alama, a rubuta gyaran a gefen shafi.