Kofi da goro: nawa ne ya isa mai ciki?

’Yan’uwa mata na yawan tambayarmu ko mai ciki za ta iya shan kofi. Za ta iya, amma da awo. Abin dubawa shi ne kafin, sinadarin nan da ke kore barci. Yana ratsa mabiyiya ya kai ga jariri, kuma yana daɗewa a jikin mai ciki fiye da da. Yawansa na da alaƙa da ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. Shi ya sa likitoci suka saba cewa kada a wuce miligiram 200 a yini, wato kamar kofi biyu na Neskafe.

Inda ake yin kuskure, kofi kaɗai ake ƙirgawa. A ce Hajiya ta sha Neskafe da safe, wajen 100 ke nan. Shayin Lifton da yamma, kamar 75. Gwangwanin Koka-Kola da rana, 40. Ta riga ta wuce, ba ta ko taɓa goro ba, alhali goro ma cike yake da kafin. Don haka iyayenmu, in za ku miƙa wa suruka goron biki, ɓari guda ya isa.

In zuciya na bugawa da sauri ko barci ya ƙi zuwa, a rage, a kuma gaya wa nas ranar awo.