Idan Ƙawa Ta Mayar Da Ke Direbarta Kuma 'Yar Aikenta

A Kabo, duk macen da ke da mota ta san wannan kiran na bayan sallar asuba: “Maman Ummi, na ji yau za ki shiga Kano?” Kafin ki amsa an jero miki: turmin atamfa biyu a Kantin Kwari, kwalin taliya a Singa, a biya Asibitin Malam a karɓo sakamakon gwaji, sannan a ɗauko yarinya a Rijiyar Zaki. Ƙarshen maganar kullum ɗaya ce: “Ki cika min, in kin dawo zan ba ki.”

Mu yi lissafi tukuna, domin kunya ce ke hana mu yinsa. Daga Kabo zuwa cikin Kano kusan kilomita 50 ne, ta Rimin Gado da Janguza har Kabuga. Zuwa da dawowa ƙaramar mota za ta sha lita takwas zuwa goma. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin lita ya ninka ya sake ninkawa, kin fi kowa sani. Amma a ganina ba man ne ya fi ciwo ba, tunda dama za ki. Abin da ke cin mutum shi ne ratsen. Idan hidimarki a Kabuga take, shiga Kwari da Singa cikin cunkoso, da neman wurin ajiye mota, da biyan ɗan dako, na iya cinye miki awa biyu. Kin ce wa maigida za ki dawo kafin la'asar, sai ga ki a hanya da magariba, yara sun dawo Islamiyya ba girki. In kuma launin atamfar bai yi mata ba, ke ce da laifi. Kowa ya daka rawar wani, ai zai rasa turmin daka tasa.

Ta yaya za ki bambance zumunci da ci da gumi? Duba wayarki. A kira goma na ƙarshe da ta yi miki, nawa ne na gaisuwa zalla? Sannan ki tuna ranar da motar ta kwana a gareji, ko ta leƙo ki.

Kada ki yi maganar a lokacin da take aikenki, domin a nan “a'a” sai ta zama kamar rowa. Kada kuma ki yi habaici a status na WhatsApp, ko ki kai ƙorafi wurin wata ƙawar. A gari irin Kabo zance zai riga ki isa gidanta, kuma da ƙari. Ki taka ki je da kanki ranar da ba tafiya. Bayan an gaisa an taɓa hira, ki faɗa mata kai tsaye:

“Aminiya, akwai abin da na daɗe ina son faɗa miki, don kada ya zama riƙo a zuciyata. Saƙonnin Kano sun fara fin ƙarfina, ina dawowa dare, Baban Ummi ya soma magana. Idan inda zan je za ki, bismillah, ga kujera. Amma shiga kasuwa da cika kuɗi, ki yi min afuwa na daina.”

Kin ga ba ki ce mata “kin mayar da ni direba” ba, ba ki kuma jero laifuffukan bara ba. Sai dai kada ki jingina da maigida in bai yi magana ba, kada kuma ki ce mota ta lalace. Gobe za ta gan ki a kan titin Gwarzo.

Idan kina son barin wata kafa, ki yanka mata iyaka da za a iya ƙirgawa: saƙo ɗaya, a kan hanyarki, kuɗinsa ya shigo asusunki kafin ki tashi. Sauran kuwa akwai direbobin motar haya da ke zirga-zirga kullum tsakanin Gwarzo da Kano. Ta kira mai shagon a Kwari, ta tura kuɗi, ya ba direba, ta karɓa a tasha ta biya kuɗin saƙo, yadda masu sarin kaya ke yi. Naƙuda da rashin lafiyar dare ba sa cikin wannan lissafi, kuma ki faɗa mata hakan da bakinki, don ta san ba ƙofa kika rufe mata ba.

Tsohon bashin cikon nan ma ki yanke shawara a kansa a zaman: ko ki faɗi adadinsa, ko ki ce kin yafe. Barinsa a rataye ne ke sa gaisuwa ta yi tsami.

Ki sa ran za ta ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, wataƙila har ki ji an ce mota ta sa miki girman kai. Ki ci gaba da gaishe ta, ki je mata suna da biki kamar da. Bayan sati biyu ko uku za ta gwada ki da “ɗan ƙaramin saƙo” a Singa. Ranar ba ki buƙatar dogon bayani: “Yau ba can na nufa ba, sai dai ki ba direba.”