Shaguna ko Rumfa: Wanne Ya Dace da Tsohon Sito a PK 14?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Ndokoti ta ratsa PK 8, PK 10 da PK 12 har zuwa PK 14 ya san yadda kasuwa ke malalowa kan titi. Matan da ke saro kayan gona su sayar suna shimfiɗa a bakin kwalta, 'yan babur suna kutsawa tsakanin tebura, motocin da suka nufi Yabasi suna neman wurin wucewa. Mutanen Duwala suna ta ƙaurowa wannan ɓangare saboda haya ta yi tsada a Akwa da New Bell, ga kuma ɗaliban jami'a a wajen Logbessou. Shi ya sa in aka ga tsohon sito a rufe a irin wannan wuri, ba a daɗewa wani zai ce a mayar da shi kasuwa. Daga nan ra'ayi kan rabu biyu. Wasu su ce a yanka cikinsa shaguna masu ƙofa da kwaɗo, wasu su ce a bar shi rumfa guda a jera tebura.

Kafin a zaɓa akwai takardu biyu. Ta farko binciken yiwuwar aiki, wadda ke faɗin ko ginin zai ɗauka kuma ko kuɗin zai dawo. Ta biyu takardar buƙatu da ake miƙa wa mai zanen gini. Sau da yawa akan fara da ta biyun, a kawo zane mai kyau a nuna wa masu kuɗi, sannan a nemo injiniya ya sa hannu. Binciken da aka yi bayan an karɓi kuɗin mutane ba ya iya cewa a'a, alhali iya cewa a'a shi ne amfaninsa tun asali.

Mu ɗauki misali mu bi shi da awo. A ce siton yana da tsawon mita 60 da faɗin mita 24, ginshiƙansa na ƙarfe, rufinsa na kwano, daɓensa na kankare. Mai son shaguna zai yanka su mita 3 a kan mita 3. In ya jera layi shida, sun cinye mita 18 na faɗin, saura mita 6 da za a raba wa lunguna uku, kowane mita 2. In aka cire hanyoyi biyu masu gitta ginin, kowane layi zai ɗauki shago 18, jimilla 108. Mai son rumfa kuwa zai ba kowa gaban tebur mita ɗaya da rabi, da zurfin mita 2 har wurin zama. Shi ma layi shida ne, amma lungunansa mita 4 ne kowanne, kuma zai zaunar da mutum 216.

A takarda shaguna ne ke cin riba. In aka ƙaddara hayar shago sefa 40,000 a wata, za a tara sefa miliyan 4 da dubu 320. In tebur yana biyan sefa 500 kullum a kwanakin ciniki 26, za a tara miliyan 2 da dubu 808. Kuma ba kuɗi kaɗai ba ne hujjar masu shaguna. Bahaushen da ke sayar da atamfa, takalma ko turare a Kasuwar Kongo ba zai kwashe kayansa kullum da magariba ba. Yana son ƙofar da zai kulle, da wurin da abokin cinikinsa zai same shi baɗi kamar yadda ya same shi bana. Shi kuma mai ginin yana iya karɓar kuɗin shekara tun kafin a gama aiki, ya yi ginin da su. Ba na raina wannan hujja ko kaɗan.

Sai dai lissafin yana tsaye ne a kan cewa duk shagunan za su cika. In kashi ɗaya cikin uku suka zauna a rufe, abin da zai shigo miliyan 2 da dubu 880 ne, wato kusan daidai da na tebura, alhali an kashe kuɗin bulo, siminti, ƙofofin ƙarfe 108 da wayar wuta ta kowane shago. Shagunan tsakiya su ne ke fara mutuwa, domin mai saye ba ya shiga lungu mai duhu in ya samu abin da yake nema a bakin ƙofa. Don haka mai bincike ba zai tsaya ga tambayar 'yan kasuwa ko suna so ba, kowa zai ce yana so. Zai tsaya a bakin titi ranar aiki da ranar Asabar, da safe da yamma, ya ƙirga masu wucewa da abin da ke hannunsu. In mafi yawansu tumatir, ayaba, makabo, kifi da nama suke ɗauke da su, to cinikin wurin na abinci ne, kuma abinci tebur yake so. Rumfar ma tana da nata haɗarin. In ƙofarta ta yi nisa da inda 'yan babur ke sauke mutane, matan za su biya kuɗin tebur su ajiye buhunansu, su koma bakin kwalta su ci gaba da ciniki.

Inda na fi son a daɗe shi ne ruwa, domin nan ne wanda ya saba da ginin Kano ko Maraɗi yake ruɗuwa. Duwala tana samun ruwan sama sama da milimita 3,500 a shekara, ninki uku zuwa huɗu na abin da Kano ke samu, kuma Yuli zuwa Satumba kusan ba ya ɗaukewa. Rufin sitonmu murabba'in mita 1,440 ne. In aka yi ruwan milimita 50 cikin awa guda, wanda ba baƙon abu ba ne a can, lita 72,000 za ta sauko daga wannan rufi, wato lita 20 kowace daƙiƙa. Dole a san inda za ta bi. Mai bincike zai auna tsayin daɓen a kan lambatun titi, ya duba tabon laka a jikin bango don ganin inda ruwa ya taɓa kaiwa, ya tambayi maƙwabta abin da ya faru a daminar da ta wuce. In daɓen yana ƙasa da bakin lambatu, sai an ɗaga shi. A rumfa wannan ciko ne da sabon daɓe mai gangare kaɗan, kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, zuwa magudanar da ake iya buɗewa a wanke. A tsarin shaguna kuwa kowane bango yana tare ruwa, kuma in aka gano matsalar bayan an yi gini, ba gyara sai rushewa.

Ruwan nan da iskar teku mai gishiri su ne kuma ke cin ƙarfe. Ginshiƙi yakan yi kyau a ido daga sama, amma gindinsa, inda ya haɗu da daɓe, ya ruɓe. Sai an fasa kankaren da ke kewaye da gindin, a kankare tsatsar, a auna kaurin da ya rage a gwada da na sama. A daɓe kuma ana haƙo ɗan guntu a wurare kaɗan don a ga kaurinsa, a kuma ga ko ƙasa ta zaizaye ta bar rami a ƙarƙashi, aikin da ɗakin gwaji irin Labogenie yake yi. Wannan ya fi shafar shaguna. Bangon bulo na santimita 15 mai tsayin mita 3 da filasta yana kai wajen kilo 700 a kowace mita, duk a kan siririn layi guda. In akwai rami a ƙasa, daɓen zai tsage, ƙofofi su daina rufuwa. Sannan ɗan kasuwa in ya ga sarari a saman shagonsa, sai ya yi masa bene na katako ya loda kaya, ya jingina nauyin a kan ginshiƙin da ba a yi shi don haka ba. A kuma tambayi abin da aka taɓa ajiyewa a siton. Inda aka tara takin zamani, maganin ƙwari ko man inji, ba a shimfiɗa abinci sai an cire fuskar daɓen. In rufin tsohon asbesto ne, ba a fasa shi da guduma, domin ƙurarsa tana lalata huhu.

Gobara ba ta buƙatar dogon bayani ga mutanen New Bell. Kasuwar Kongo ta ƙone a 2012, ta sake ƙonewa a 2019. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairu 2021, ta Katsina a Maris na shekarar. Yawancin irin waɗannan gobarori da dare ko da asuba suke tashi, a bayan ƙofa kullalliya, inda wayar wuta ta haɗu da yadi ko roba, kuma 'yan kwana-kwana su iso su rasa hanyar shiga. Lungu na mita 2 in aka rataye kaya dama da hagu ya koma mita guda. In aka faɗaɗa lungunan zuwa mita 3 sai an zubar da layi ɗaya, shagunan su koma 90, ribar ta sake raguwa. A rumfa mai gadi ɗaya yana hango ginin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma ana iya kashe wutar dukan ɗakin daga akwati guda in an tashi. Ga kuma iska: a garin da raɓa ke cika iska kusan kullum, bangayen shaguna suna tare numfashin ginin, yadi ya yi fumfuna, mutane su koma sa fanka da jona waya barkatai.

A ganina, a PK 14 rumfa ce ta fi dacewa, amma ba tsagwaronta ba. Zan so takardar buƙatu ta ce a bar tsakiyar a buɗe, a yi layin shaguna guda a wajen doguwar katanga ɗaya, a kan sabon tushe nasu, ƙofofinsu suna kallon waje, bangon bayansu ya kai har rufi ba tare da taga ba, don wuta kada ta tsallaka. A nan masu yadi da turare za su zauna, da masu ajiyar albasar da ke zuwa daga Marwa da Garwa. Mahauta da masu kifi a sa su a ƙarshen da ya fi gangare, da teburan tayil, famfo da magudanarsu daban, a kuma raba rumfar mahautan Musulmi da ta masu sayar da naman da ba su ci, tun a zane. A buɗe ƙofa aƙalla biyu a kowane ɓangare, a ɗaga tsakiyar rufi don zafi ya fita, a tanadi tankin ruwan sama don wanki da kashe wuta, da ban ɗaki, da wurin alwala da salla, da inda motar Hysacam za ta juya ta kwashe shara ba tare da ta ratsa masu ciniki ba.

Shafin farko na binciken kuwa na takardar mallakar fili ne. A Kamaru, tun dokokin filaye na 1974, ita ce shaidar mallaka a hukumance, kuma dokar tsara birane ta 2004 ta wajabta izinin gini, wanda a Duwala ake nema daga hukumar birnin. Sito da yawa sun zauna a rufe ne saboda magada ba su daidaita ba, ko banki na riƙe da takardar. In sunan da ke kanta ba na wanda ke ba da hayar ba ne, kada ɗan kasuwa ya biya kuɗin shekara, kada kuma a biya mai zane, sai an ga hukuncin rabon gado ko takardar da bankin ya saki jinginar.