Bututun da ya fashe a cikin kwamfuta

Mutum yana tsakiyar tura fayil daga wata kwamfuta zuwa wata, sai aikin ya tsaya cak, allo ya ce masa: "Bututu ya fashe." Babu famfo a kusa, balle ruwa. Wannan aikin injin fassara ne, wanda ke ɗaukar kalma da ma'anarta ta yau da kullum ba tare da ya san inda aka faɗe ta ba.

Masu gyara kan fara da mayar da saƙon Turanci kalma bayan kalma. A nan za a samu `Broken pipe`, sanannen saƙo a tsarin Linux. Bututun da ake nufi shi ne hanyar da manhaja ke miƙa wa wata bayanai. Idan mai karɓa ya rufe tun mai aikawa bai gama ba, saƙon ya fito. Ke nan ɗaya ɓangaren za a duba: ko intanet ta katse, ko wata manhaja ta mutu.

Amma wannan dabara kan kai mutum daji, domin kalmar Hausa ɗaya tana iya fitowa daga kalmomin Turanci da dama. Shi ya sa lambar da ke gefen saƙo ta fi amfani, tunda ba a fassara ta. A Linux, 32 ita ce ta bututun nan. A Windows kuwa, `0x80070005` na nufin an hana izini, ko da fassarar ta zo a hargitse.

Idan babu lamba, sai a mayar da harshen na'urar Turanci, a maimaita abin da ya jawo matsalar, a kwafi saƙon yadda ya fito.