Inda Babban Harafi Yake Zama a Wasiƙar Ofis

Wasiƙar da ke cewa za a yi taro "ranar 12 ga watan mayu" ta gayyaci jama'a ne zuwa watan masu kama kurwa. Harafi ɗaya tak ya raba sunan wata na biyar da jam'in maye, kuma duk akawun da ya daɗe yana buɗe ambulan ya taɓa cin karo da irin wannan. Ba kasafai kuskuren babban harafi ke zama abin dariya haka ba. Galibi shiru yake yi, ya zauna a takarda yana nuna wa mai karatu cewa ba a duba ta ba kafin a sa hannu.

Dalilin yawan kuskuren yana cikin tarihin rubutun kansa. Ajami, wanda Hausawa suka yi ƙarnuka suna aika wasiƙu da shi, ba shi da babban harafi ko ƙarami, kamar Larabcin da ya fito daga gare shi. Da boko al'adar ta zo, ta kuma bazu ta hanyar littattafan Zariya na shekarun 1930 da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939. Tsarin Turanci aka bi, inda sunayen ranaku da watanni ke farawa da babban harafi. Faransanci kuwa da ƙaramin harafi yake rubuta su, shi ya sa wanda ya yi makaranta a Maraɗi ko Damagaram hannunsa kan tafi ga "litinin" da "janairu" ba tare da ya ji ya yi wani laifi ba. Idan wasiƙarsa Kano ko Katsina za ta, gara ya ɗaga su.

Ranaku da watanni ba su da wuyar sha'ani. Litinin, Talata, Alhamis, Maris, Agusta, Safar, Sha'aban, duka da babban harafi a ko'ina suka faɗo cikin jimla. Kalmomin da ke rakiyarsu ne ake yawan ɗagawa ba dalili: "ranar" da "watan" da "shekarar" ƙanana ne in ba su ne suka buɗe jimla ba. Haka damina da rani da bazara da kaka, yanayi ne, ba a yi musu babban harafi.

Rikicin yana wajen laƙabi da muƙami. A ɗauki misalin wasiƙar da sakataren ƙungiyar iyaye da malamai ta wata firamare ya kai shagon buga takardu, yana neman a gyara rufin azuzuwa biyu da iska ta yaye. Ga yadda adireshin wanda aka aika wa ya fito daga na'ura: "zuwa ga Mai girma shugaban Karamar hukumar Dala". Kurakurai biyar ne a layi ɗaya. Abin da ya kamata shi ne "Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Dala". Kalmar farko ta ɗaga domin ita ta buɗe layi. "Mai Girma" laƙabi ne mai kalma biyu, kowace da nata babban harafin, kamar "Mai Martaba" da "Mai Shari'a". Shugaban nan kuma mutum ɗaya ne da ke kan kujera ɗaya, don haka muƙamin nasa yana aikin suna. Na biyar ɗin shi ne lanƙwasar da ta ɓace daga kan Ƙ.

A cikin jikin wasiƙar sai abin ya juye. Sakataren ya rubuta cewa "Shugabannin Makarantu da Malamai da Iyayen Yara sun yi taro". A nan babu kalmar da ta cancanci babban harafi sai ta farko, domin ba a nufin wani mutum takamaimai, jinsin mutane ake magana a kansu. Tambayar da mai dubawa zai riƙa yi wa kowane muƙami ita ce: da za a cire shi a sa sunan mutum guda, jimlar za ta tsaya? "Sarkin Zazzau ya iso" za ta tsaya. "An naɗa shi sarki" ba za ta tsaya ba, don haka ƙaramin harafi. Alhaji da Hajiya da Malam da Dakta da Farfesa suna ɗagawa idan suna gaban suna, amma "wani alhaji ya ba da gudunmawar kwano bandir biyu" ƙarami ne. Sarautun gargajiya ma haka: Galadiman Katsina, Wazirin Sakkwato, Shehun Borno, amma "hakimai da dagatai".

Akwai wurin da marubuta suka rabu. Bayan an ambaci cikakken muƙamin a sama, idan aka dawo aka ce "muna roƙon shugaba ya duba", wasu kan ɗaga kalmar domin har yanzu mutumin nan ɗaya ake nufi, wasu kuma su bar ta ƙarama. A wasiƙar da shi kansa zai karanta, ɗagawar ta fi dacewa da ladabin Bahaushe. Abin da ba shi da uzuri shi ne a ɗaga a sakin layi na farko, a sauke a na uku. Kuma ladabin yana da iyaka: mai rubutun da ya ɗaga "Ka" da "Kai" da "Ofishinka" ko'ina don girmamawa ya cika takarda da tsaunuka ne kawai, ya kuma ɗauko abin da a rubutun Hausa aka saba keɓe wa ambaton Allah.

Sunayen hukumomi suna da ƙananan kalmomin haɗi da ba sa ɗagawa. "Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano" daidai ne, "ta" tana nan ƙarama, haka "na" da "da". Gaisuwa da sallama kuwa harafin farko kaɗai suke ɗauka: "Ranka ya daɗe," a sama, "Naka mai biyayya," a ƙasa. Ƙarƙashin sa hannu, muƙamin mai wasiƙar yana tsayawa shi kaɗai a layinsa da babban harafi, Sakatare ko Ma'aji.

Na'ura ba ta taimaka wa Hausa sosai a wannan aikin. Manhajar Word tana da zaɓin gyara da ke ɗaga sunayen ranaku da kanta, `Capitalize names of days`, amma ba ta san Laraba ba, sai ta wuce ta. Takan kuma ɗaga kalmar da ta biyo bayan aya, ko da ayar ta taƙaita kalma ce a tsakiyar jimla. Idan aka mayar da kan magana manyan haruffa da `Shift+F3`, dole a sake duban Ɓ da Ɗ da Ƙ, domin wasu salon haruffa ba su da su, sai na'ura ta aro daga wani salon, harafin ya fito dabam da 'yan'uwansa. Tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da gw na farkonsu kaɗai ke ɗagawa, Shehu da Tsafe da Gwarzo. A suna irin 'Yar'aduwa alamar ce ke fara zuwa, sannan babban Y.

Masu aikin gyaran rubutu ba sa neman komai a karatu ɗaya. Sukan bi takardar sau ɗaya don kwanan wata da ranaku kaɗai, har suna duba kalanda ko 12 ga watan ta faɗo ranar da aka rubuta. Sai su sake bi don laƙabi da muƙamai, suna ja wa kowane layi da fensir, sannan su jera waɗanda aka maimaita su ga ko sun yi daidai da juna. A wasiƙar sakataren nan, kalmar "shugaba" ta fito sau huɗu da siffa uku, kuma sai a wannan zagaye na biyu aka gano hakan, aka sake bugawa kafin a kai wa shugaban ƙungiya ya sa hannu.